Yadda ake lissafin intigiral da dokar Simpson, da yadda ake zaɓen adadin yankuna

Wasu intigiral ba sa warwaruwa da biro da takarda komai ƙwarewar mutum. Fankshin e^(−x²), wanda masu ƙididdiga ke fama da shi kullum, ba shi da wata amsa da za a rubuta da fankshin ɗin da muka saba da su. A irin wannan hali sai a haƙura da amsa cif-cif, a nemi lambar da ta yi kusa da ita. Dokar Simpson na cikin hanyoyin da aka fi bi. Sunan Thomas Simpson take ɗauke da shi, masanin lissafi ɗan Ingila da ya wallafa ta a 1743, kodayake Johannes Kepler ya riga shi amfani da irinta tun 1615 wajen auna cikin gangunan giya.

Haddace dokar ba wuya. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne in an ce musu: kawo amsa wadda kuskurenta bai wuce 0.0001 ba. Gida nawa za a raba tazarar? Da me za ka tabbatar ka cika sharaɗin, alhali ba ka san amsar gaskiya ba? Wannan shi ne abin da za mu bi daki-daki, da misali guda da za mu riƙe har ƙarshe.

Daga ina 1, 4, 1 suka fito

Intigiral na f daga a zuwa b girman filin da ke ƙarƙashin lanƙwasar f ne. Dokar tirafiziyam takan haɗa gurabe biyu da miƙaƙƙen layi, ta auna filin da ke ƙasansa. Simpson kuwa gurabe uku take ɗauka a lokaci guda, ta ratsa farabola ta cikinsu, domin gurabe uku farabola ɗaya tak ke bi ta kansu. Farabola tana lanƙwasa, saboda haka ta fi layi manne wa ainihin fankshin.

Sanya guraben a −h da 0 da h, ka kira tsawonsu y₀ da y₁ da y₂. Farabolar ita ce y = Ax² + Bx + C. Filin da ke ƙarƙashinta daga −h zuwa h shi ne 2Ah³/3 + 2Ch. B ya ɓace, don abin da ya ƙara a dama shi ya rage a hagu. To y₁ = C, kuma y₀ + y₂ = 2Ah² + 2C. In ka haɗa y₀ + 4y₁ + y₂ za ka sami 2Ah² + 6C, in kuma ka ninka wannan da h/3 sai ga filin nan ya fito daidai. Ke nan ba sai ka nemo A da B da C ba, tsawon guraben uku ya wadatar.

Yanzu a raba tazarar a zuwa b gida n masu faɗi ɗaya, h = (b − a)/n. Kowace farabola yankuna biyu take cinyewa, shi ya sa tilas n ya zama cika, wato lambar da biyu ke rabawa ba saura. Gurbin da farabola biyu suka haɗu a kansa sau biyu ake ƙirga shi, daga nan 2 ya samo asali:

```
Sₙ = (h/3)[f₀ + 4f₁ + 2f₂ + 4f₃ + … + 2fₙ₋₂ + 4fₙ₋₁ + fₙ]
```

A nan f₀ zuwa fₙ tsawon f ne a guraben, bi da bi daga a zuwa b. Na farko da na ƙarshe suna ɗaukar 1, masu lamba mara suna ɗaukar 4, masu lamba cika na tsakiya suna ɗaukar 2. Ga ɗan gwajin da ke kama kuskuren rubutu: in ka tara waɗannan nauye-nauyen dole su ba ka 3n. In n takwas ne, jimlar 24 ce. In ka ga 22 ko 26, ka sa 2 inda 4 ya kamata, ko akasin haka.

Zaɓen n tun kafin a fara lissafi

Misalinmu shi ne intigiral na 1/x daga 1 zuwa 2. Da gangan na zaɓe shi, don an san amsarsa: ln 2, wato 0.693147181. Wannan zai ba mu damar ganin ko alkawarin da dokar ta yi ta cika shi. Haddin da aka gindaya mana, wanda ake rubutawa ε, shi ne 0.0001.

Abin da aka tabbatar game da kuskuren Simpson shi ne ba ya haura wannan rufin:

```
|E| ≤ K(b − a)⁵ / (180n⁴)
```

K lamba ce da girman diribetif na huɗu, f⁗(x), ba ya wuce ta a ko'ina tsakanin a da b. Girman kawai ake dubawa, ba ruwanmu da alamar ɗebewa.

Matakin farko shi ne nemo diribetif ɗin. Daga 1/x ana samun −1/x², sai 2/x³, sai −6/x⁴, na huɗu kuma 24/x⁵.

Na biyu, a nemo inda ya fi girma. 24/x⁵ raguwa yake yi yayin da x ke ƙaruwa, don haka ƙololuwarsa tana bakin hagu, a x = 1, kuma K = 24. Wanda ya yi gaggawa ya sa x = 2 zai sami 0.75, ya fito da n ƙarami wanda babu wata hujja a bayansa.

Na uku, a ce rufin kada ya wuce ε, a juya lissafin don n ya tsaya shi kaɗai:

```
n⁴ ≥ K(b − a)⁵ / (180ε) = 24 / 0.018 = 1333.33
```

Don samun n, danna √ sau biyu a kalkuleta. Na farko zai ba ka 36.51, na biyu 6.04.

Mataki na huɗu ne ya fi cin mutane. Ido na ganin 6.04 sai zuciya ta ce shida. Amma sharaɗin cewa ya yi n ya kai 6.04 ko ya wuce, kuma shida bai kai ba: in ka mayar da n = 6 cikin rufin za ka sami 0.000103, ya ɗan haura haddin. Bakwai kuma mara ne, Simpson ba ta karɓarsa. Saura takwas. Kullum sama ake hawa, zuwa lambar cika ta farko.

Da n = 8, h = 0.125. Guraben su ne 1, 1.125, 1.25, har zuwa 2. Ya fi sauƙi a kasa ƙimomin gida uku maimakon a bi su a jere:

| Kaso | Ƙimomin 1/x | Jimla | Bayan ninkawa |
|---|---|---|---|
| bakin hagu da dama | 1, 0.5 | 1.5 | 1.5 |
| masu lamba mara | 0.888888889, 0.727272727, 0.615384615, 0.533333333 | 2.764879564 | 11.059518256 |
| masu lamba cika | 0.8, 0.666666667, 0.571428571 | 2.038095238 | 4.076190476 |

Jimlar duka 16.635708732. A ninka da h/3, wanda a nan daidai yake da rabawa da 24, sai a sami S₈ = 0.693154530.

In aka ɗebe ln 2, kuskuren gaskiya 0.0000073 ne. Rufin ya ce ba zai wuce 0.0000326 ba, kuma bai wuce ba. Bai ma kai kashi ɗaya cikin huɗu na rufin ba. Hasali ma da mun yi da shida, S₆ = 0.693169793, kuskurensa 0.0000226, ya shiga haddin sarai. To me ya hana mu tsayawa a shida? Abin da ya hana shi ne mun san haka ne kawai don muna riƙe da ln 2 a hannu. Ranar da ba ka da amsar, rufin ne kaɗai shaidarka, shi kuwa bai lamunce maka shida ba. Dalilin da ya sa yake wuce gona da iri a fili yake: yana ɗauka kamar diribetif na huɗu 24 ne a duk faɗin tazarar, alhali kafin a kai x = 2 ya sauko zuwa 0.75.

Lura da yawan lambobin da na riƙe bayan ɗigo. In kowace ƙima tana da kuskuren yankewa da bai wuce δ ba, abin da zai shiga amsar bai wuce (b − a)δ ba. Wanda ke neman 0.0001 ya kuma yanke ƙimominsa a lamba uku ya ɓata aikin tun kafin ya tara. Riƙe aƙalla lamba biyu fiye da abin da haddin ke nema.

Wannan n⁴ da ke ƙasa shi ne ƙarfin dokar. In ka ninka n sau biyu, rufin ya ragu sau 16. In aka matse haddin daga 0.0001 zuwa 0.000001, wato sau ɗari, n⁴ zai kai 133333.3, n ya zama 19.11, a hau zuwa 20. Daga takwas zuwa ashirin ke nan, ba zuwa ɗari takwas ba. Sai dai (b − a)⁵ na ja ta ɗaya ɓangaren: in tazarar ta ninka biyu, K da n ba su canza ba, rufin ya ninka 32. Haka nan rufin ya nuna wani abin mamaki. Folinomiyal mai x³ diribetif ɗinsa na huɗu sifili ne, don haka Simpson na ba da amsarsa cif da n = 2, duk da cewa farabola aka yi amfani da ita.

In K ya yi gardama

Ba kowane fankshin ne mai sauƙin kai kamar 1/x ba. Na e^(−x²), diribetif na huɗu shi ne (16x⁴ − 48x² + 12)e^(−x²), kuma ba hawa kawai ko sauka kawai yake yi ba tsakanin 0 da 1. Yana farawa daga 12, ya ratsa sifili, ya gangara ƙasa da −7. Duba baki biyu kaɗai ba hujja ba ce a irin wannan, domin ƙololuwa na iya ɓuya a tsakiya. In aka bi shi a hankali, ko aka zana shi, za a ga girmansa bai wuce 12 ba.

Amma ba dole ne K ya zama ƙololuwar daidai ba. Duk lambar da ta kai ta ko ta fi ta halal ce. Mai sauri zai iya cewa x bai wuce 1 ba, e^(−x²) ma bai wuce 1 ba, saboda haka girman bai wuce 16 + 48 + 12 = 76 ba. Da haddin 0.000001, K = 12 na ba da 16.07, wato n = 18. K = 76 na ba da 25.49, wato n = 26. K ya ninka fiye da sau shida, aikin bai ko ninka biyu ba. A ganina ɓata rabin awa wajen farautar K na daidai asara ce in kwamfuta ce za ta yi tarawar. Abin da ba a yafewa shi ne K ya gaza.

Hanya ta biyu: ninka n ka kwatanta

A aikin yau da gobe, sau da yawa ba a ma iya fitar da diribetif na huɗu. Sai a bar dokar ta auna kuskurenta da kanta. Tunda kuskuren Sₙ ya kai kusan sau 16 na S₂ₙ, bambancin da ke tsakaninsu kusan sau 15 ne na kuskuren S₂ₙ:

```
kuskuren S₂ₙ ≈ |Sₙ − S₂ₙ| / 15
```

Mu gwada da misalinmu. S₂ = 0.694444444, S₄ = 0.693253968, S₈ = 0.693154530, S₁₆ = 0.693147653. Tsakanin S₄ da S₈ akwai 0.000099438, a raba da 15, a sami 0.0000066. Kuskuren gaskiya mun gan shi, 0.0000073. Ƙiyasin ya fi rufin kusa da gaskiya nesa ba kusa ba, amma duba ta inda ya kauce: ƙasa ya faɗi. Wannan ƙiyasi ne, ba lamuni ba, don haka kada a karɓi amsar da ta tsallake haddin da ƙyar.

In haddin 0.000001 ne, S₈ bai isa ba, sai a ninka. Bambancin S₈ da S₁₆ shi ne 0.000006878, kashi ɗaya cikin 15 nasa 0.00000046, ya shiga da sarari. An tsaya a 16 inda rufin ya nemi 20. Ga mai yi da hannu akwai wani rangwame: duk guraben S₈ suna cikin na S₁₆, sun koma masu lamba cika, sababbi takwas kawai za a lissafa. Shi ya sa ake ninkawa maimakon a tashi daga takwas zuwa goma.

A Python abin bai fi haka ba:

```python
def simpson(f, a, b, n):
    h = (b - a) / n
    s = f(a) + f(b)
    for i in range(1, n):
        s += (4 if i % 2 else 2) * f(a + i * h)
    return s * h / 3

def har_haddi(f, a, b, eps, n=4, n_max=2**20):
    tsoho = simpson(f, a, b, n)
    while n < n_max:
        n *= 2
        sabo = simpson(f, a, b, n)
        if abs(sabo - tsoho) / 15 <= eps:
            return sabo, n
        tsoho = sabo
    raise RuntimeError("n ya kai iyaka")
```

In ka kira `har_haddi(lambda x: 1/x, 1, 2, 1e-6)` zai dawo maka da 0.69314765 da 16. An sa `n_max` ne don kada a nemi haddin da kwamfuta ba za ta iya kaiwa ba ta yi ta juyi. Lambobinta na yau da kullum kusan lamba 16 suke riƙewa, kuma in aka doshi nan kuskuren yankewa ne ke rinjaye, ƙara n ba ya ƙara komai.

Inda 15 ke yaudara, da yadda ake gane ta

Duk maganar 16 da 15 ta rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: diribetif na huɗu ya kasance yana nan, kuma bai tsere sama ba iyaka ba. Ɗauki √x daga 0 zuwa 1, wanda amsarsa 2/3 ce, 0.66666667. A zane ba ya nuna wata fitina. Amma diribetif ɗinsa na huɗu yana ɗauke da x^(−7/2), wanda ke girma ba iyaka in x ya kusanci sifili. Babu K ke nan, rufin ba shi da abin faɗa.

Ga abin da Simpson ke bayarwa: S₂ = 0.63807119, S₄ = 0.65652626, S₈ = 0.66307928. Bambancin biyun ƙarshe 0.00655302 ne, a raba da 15 a sami 0.00044. In haddinka 0.001 ne, shirin da ke sama zai tsaya a n = 8 ya miƙo maka amsa hankali kwance. Kuskuren gaskiya kuwa 0.00359 ne, ya fi sau uku na haddin, ya fi sau takwas na ƙiyasin.

Ana iya kama wannan ba tare da sanin amsar ba, muddin kana da ƙimomi uku a jere. Raba bambanci na farko da na biyu. A 1/x, rabon ya fara da 11.97, ya koma 14.46, yana hawa zuwa 16: alamar lafiya ke nan. A √x kuwa, 0.01845507 a raba da 0.00655302 ya ba da 2.82, kuma ko ka ci gaba da ninkawa a wajen 2.83 zai zauna, domin kuskuren na raguwa ne kamar h^1.5, ba h⁴ ba. Duk lokacin da rabon ya ƙi matsowa kusa da 16, to 15 ba taka ba ce. In ya tsaya a wata lamba r, raba bambancin ƙarshe da r − 1. A nan 0.00655302 a raba da 1.82 ya ba da 0.0036, wanda ya yi daidai da gaskiya. Ni dai ba na amincewa da ƙiyasi daga ƙimomi biyu kacal. Na ukun shi ne mai ba da shaida.

Maganin √x ba tara yankuna ba ne, sauya harafi ne. Sa x = t², dx ya zama 2t dt, intigiral ɗin ya koma na 2t² daga 0 zuwa 1. Wannan farabola ce da kanta, n = 2 ya ba da (1/6)(0 + 2 + 2) = 2/3 ba ko ƙwayar kuskure. In kuma matsalar kusurwa ce ko tsalle a tsakiyar tazara, kamar |x| a sifili, sai a yanke intigiral ɗin gida biyu a daidai wurin, a yi wa kowane gefe nasa lissafin, a raba haddin tsakaninsu.

Akwai wata yaudarar ta daban, wadda ta fi wannan muni don ba ta barin alama a lambobi. Gwada sin²(8πx) daga 0 zuwa 1. Amsar 1/2 ce. Amma da n = 4 duk guraben kan sifili suke faɗawa, da n = 8 ma haka. S₄ da S₈ sun yi daidai, bambancinsu babu, shirin ya ce amsa sifili ce. Biri ya yi kama da mutum, amma guraben ne suka tsallake duk tuddan. Rigakafin shi ne a zana fankshin kafin a fara, a tabbata kowane hawa da sauka ya sami gurabe da dama a kansa, sannan a sake gwadawa da n da ba ninkin na farko ba, kamar 6 ko 10.

In ƙimomin daga awo suka fito, misali faɗin fili da aka auna kowace mita goma, ba kai ke zaɓen n ba, kuma daidaiton amsar ba zai wuce na awon ba. Abin dubawa a nan biyu ne: tazarar guraben ta zama ɗaya, adadin guraben kuma ya zama mara don yankunan su zama cika. In yankunan suka zo mara, kamar bakwai, yi wa huɗun farko Simpson da aka saba, ukun ƙarshe kuma ka yi musu 'yar'uwarta, (3h/8)[f₀ + 3f₁ + 3f₂ + f₃], wadda ita ma kuskurenta ke raguwa kamar h⁴. In adadin yankunan na rabuwa da huɗu, tsallake gurbi ɗaya-ɗaya ka sake lissafi da 2h, sai ka sami ƙima ta biyu da za ka kwatanta da ta farko.